Neman kalma: me za mu kira encapsulation da Hausa?

Hadiza: Salamu alaikum. Jibi Litinin zan koyar da OSI da TCP/IP, tsare-tsaren nan biyu na yadda kwamfutoci ke aika wa juna saƙo, ɗaliban sun roƙi takardar darasi da Hausa. Layer dai na ce "hawa", kamar na bene: bakwai a OSI, huɗu a TCP/IP. Encapsulation ce ta tsaya mini a wuya.

Sani: Malama, "ɓoyewa" mana. Ba don kada a karanta saƙon ake yi ba?

Injiniya Bala: A'a Sani, waccan encryption ce. Nan ba abin da aka ɓoye. Buɗe Wireshark, manhajar duba saƙonnin da ke wucewa, a kan shafin HTTP, za ka karanta saƙon tsaf. Abin da ke faruwa, in saƙo yana saukowa kowane hawa yana ƙara masa nasa bayanin a gaba. TCP ya sa bayit 20, lambobin ƙofa na ciki. IP ya ƙara 20, adireshin mai aikawa da na mai karɓa. Ethernet ya sa 14 a gaba, 4 a baya na gane ko saƙon ya lalace a hanya. Tunda bayit 1500 Ethernet ke ɗauka, in aka cire 40, 1460 ke rage wa saƙon kansa. Ni "sa a ambulan" nake cewa.

Malam Ɗanjuma: Ambulan Hausa ce? Ga kuma bayit. Shekara nawa ina cewa "ƙunshi", ba mai saurare. Ƙunshin goro, ƙunshin magani. Mu daina raina harshenmu.

Hadiza: Ranka ya daɗe, in na ce yau darasin ƙunshi za mu yi, 'yan matan ajin da lalle za su zo.

Malam Ɗanjuma: To goro ma a daina ƙunshe shi.

Issoufou: Mu nan Damagaram da Faransanci muka karanta, ba mu san da wani bene ba. Kullum ku Kanawa ku yanke, mu kuwa sai bi.

Sani: Injiniya ai Bazazzage ne.

Injiniya Bala: Malam, dalilina shi ne abin da rauta, na'urar da ke tura saƙo daga wata hanyar sadarwa zuwa wata, ke yi. Takan yar da bayanin Ethernet, ta duba adireshin IP, ta rage ɗaya daga TTL, wato adadin rautocin da saƙon zai iya ratsawa, ta sa sabo ta tura gaba. Ambulan ake yagewa a sake, kuma adireshi a bayansa yake. Ganyen goro ba a rubutu a kansa.

Malam Ɗanjuma: Ƙunshin magani fa? Ba a rubuta "safe da yamma" a jikinsa?

Injiniya Bala: Wannan kam ka kama ni.

Hadiza: Zan rubuta "ƙunshewa", akasinta "kwancewa", ambulan ya zama misali a allo. Bayit huɗun nan na baya kuma, wutsiya?

Malam Ɗanjuma: Jela. Kuma ƙunshi na ce, ba ƙunshewa ba. Amma ku je da shi.