Fallen ƙarfe mai gefe ɗaya a kan zafin digiri 100: a ina lissafin ya kakare muku?

Ɗaliba 'yar aji uku: Salamu alaikum. Ina neman waɗanda suka taɓa zama da wannan lissafin da kansu. Fallen ƙarfe ne mai kusurwa huɗu, faɗinsa a, tsayinsa b, kuma duk ɗaya ne. Gefen sama yana kan digiri 100, sauran ukun suna kan sifili, zafin ya riga ya zauna, ba ya canzawa da lokaci. Na ware x daban, y daban, na rubuta `T = X(x)Y(y)` na saka cikin lissafin Laplace, amsa ta fito haka:

```
T = (400/π) Σ sin(nπx/a) sinh(nπy/a) / (n sinh(nπb/a)),  n = 1, 3, 5, ...
```

Da na gwada tsakiyar fallen sai na samu 0.7. Hankalina bai kwanta ba, don tsakiya ba za ta yi sanyi haka ba ga wuta a samanta. Kwana biyu ke nan ina bin layukan ɗaya bayan ɗaya ban ga inda na kauce ba.

Malamin da ya daɗe yana koyar da darasin: Wa alaikumus salam. 'Yata, lissafinki daidai yake. Dubi saman fuskar kalkuletarki, na tabbata `DEG` za ki gani. Mayar da ita `RAD`. A tsakiya `sin(π/2)` ɗaya ne cur, amma kalkuleta ta ɗauke shi digiri ɗaya da rabi da 'yan kai, ta ba ki 0.027. Idan kin gyara, gaɓar farko za ta ba ki 25.37, ta n = 3 ta rage 0.38, ta n = 5 ta ƙara 0.01. Kin sauka a kan 25.

Akwai hanyar sanin wannan 25 ɗin tun kafin a taɓa kalkuleta, kuma ita nake so kowane ɗalibi ya riƙe. Ki ɗauko irin wannan fallen guda huɗu, ki juya kowanne yadda gefen mai zafi zai kalli wata fuska dabam, ki haɗa amsoshinsu. Abin da zai fito shi ne falle mai 100 a duk gefensa huɗu, wanda cikinsa ko'ina 100 ne. Tunda tsakiya ba ta fi kusa da wani gefe a kan wani ba, kowanne ya kawo mata kashi ɗaya cikin huɗu. Duk takardar da na duba na ga tsakiya ba 25 ba, na san akwai matsala tun kafin in karanta layi na biyu.

Wani ɗan aji huɗu: Malam ya faɗi gaskiya. Ni a jarrabawa ba na ma wahalar da kaina, ina haɗa zafin gefe huɗun in raba huɗu. Bara an ba mu gefe uku a kan 30, na sama a kan 100, na rubuta 47.5 kuma na ci.

Malamin: Ka ci ne saboda faɗi da tsayi sun zo ɗaya. Gwada fallen da tsayinsa ya ninka faɗinsa, gefen sama 100, saura sifili. Tsakiya kusan 5.5 za ta ba ka, ba 25 ba, domin dogayen gefuna biyun masu sanyi sun matso kusa da ita sun shanye zafin kafin ya gangaro. Sannan wannan 30 ɗin naka tarko ne ga mai neman cikakkiyar amsa. `sin(nπx/a)` ba ya fitowa sai gefen hagu da na dama sun zama sifili. Don haka sai an fara cire 30 daga ko'ina, a warware na 70 a sama, a ƙarshe a mayar da 30 ɗin.

Mai walda: Ku yi haƙuri, ni ba ɗan makaranta ba ne, ƙanina ne ya nuna mini wannan hirar. Wane ƙarfe kuke nufi? A wurin aiki idan na ɗora wuta a bakin alminiyam, nan da nan ɗaya ɓangaren ya gagari hannu, baƙin ƙarfe kuwa sai ya jima. Yaya za a ce amsarsu ɗaya?

Ɗalibar: Yaya, ni ma wannan ya dame ni da farko. Abin da ka gani saurin isowar zafi ne, mu kuma muna maganar bayan komai ya lafa. Idan an riƙe kowane gefe a kan zafinsa, irin ƙarfen ba ya cikin amsar. Malam, na gyara kalkuleta, 25 ta fito. Allah ya saka da alheri.

Injiniya mai rubuta lissafi a kwamfuta: Tawa matsalar ta faru ne a bakin gefen sama. A tsakiya gaɓa uku sun isa, amma daf da gefen mai zafi jerin yana tafiyar hawainiya, sai na ce bari in ba shi gaɓa ɗari biyar. Allon ya cika da `nan`. Na ɗauki yini guda kafin in gane cewa daga n = 227 `sinh(nπ)` ya fi ƙarfin lambar da kwamfuta ke iya riƙewa. Maganin shi ne kada a lissafa `sinh` na sama da na ƙasa daban-daban, a lissafa rabonsu `r` kai tsaye:

```
r = exp(n*pi*(y-b)/a) * (1-exp(-2*n*pi*y/a)) / (1-exp(-2*n*pi*b/a))
```

Bayan na gyara sai wani abu ya bayyana. A kan gefen sama, kusa da kusurwa, zanen yana yin tsalle ya wuce 100, duk yawan gaɓoɓin da na ƙara tsinin sai dai ya sirance ya matsa kusurwa, ba ya sauka.

Ɗan aji huɗun: Wannan ai abin Gibbs ne, kashi 9 cikin ɗari. Zai kai 109.

Injiniyan: Haka na zata, amma kusan 118 na gani. Jerin `sin` yana kallon gefen kamar ya taso daga −100 ya haura zuwa 100, tsallen 200 ke nan, kashi 9 ɗinsa kuwa kusan 18. Abin da ya fi damuna shi ne kusurwar kanta. Wuri ɗaya an ce 100 ne kuma sifili ne. Da na nemi jimillar zafin da ke ratsa gefen sama, duk gaɓar da na ƙara sai jimillar ta ƙaru, ba ta tsayawa.

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji: Mu mun taɓa gwada shi da hannu. Fallen baƙin ƙarfe ne, santimita 20 kowane gefe, kaurinsa milimita 3. Gefen sama mun manna shi da bututun tafasasshen ruwa, sauran ukun da bututun ruwan famfo mai kusan digiri 30. Muna jiran 47.5, muka samu 39 a tsakiya bayan ma'aunin ya daina motsi. Ɗan'uwa mai walda, a nan tambayarka tana da hujja. Lissafin ya ɗauka fuskokin fallen biyu a lulluɓe suke, namu kuwa a buɗe suke, iska tana kwasar zafi, kuma da zarar hakan ta shigo, irin ƙarfen da kaurinsa sun dawo cikin amsa. Da na saka asarar iskar a lissafi, tsakiya ta sauko wajen 42. Sauran digiri ukun har yau muna gardama a kansu. Ni ina zargin mannin bututun ne bai kama ƙarfen sosai ba, abokin aikina ya dage fankar silin ce da ba mu kashe ba.

Malamin: Kun auna zafin bakin fallen kansa, ko na ruwan cikin bututu kuka ɗauka? Idan kun maimaita, ku lulluɓe fuskokin biyu da auduga mai kauri, ku manna ma'auni a kan ƙarfen a tsakiyar gefen sama, ku kawo mana lambobin biyu mu gani.