Yaya zan yi wa babban likita gyara ba tare da an ce na yi fitsara ba?

Assalamu alaikum. Ni sabuwar nas ce a sashen yara, wata biyar da fara aiki. A zagayen safe babban likita ya rubuta wa yaro mai nauyin kilo 10 farasitamol miligiram 500, sau huɗu a rana. Na ga ya yi yawa, amma bakina ya yi nauyi, domin ya haife ni, ga ɗalibai tsaye. Sai da ya fita na gaya wa sistar da ke kula da sashen, aka gyara. In haka ta sake faruwa, me zan ce masa?

Wani mai harhaɗa magunguna: Wa'alaikumus salam. Fara da lissafi, shi ne makaminki. Ana ba yaro miligiram 10 zuwa 15 a kan kowane kilo, kada ya wuce sau huɗu a rana. Mai kilo 10 iyakarsa 150 a sha ɗaya, 600 ke nan a yini. Abin da aka rubuta 2,000 ne, ya ninka fiye da sau uku, kuma hanta yake taɓawa. Illar ba ta bayyana nan take, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku. In kika ce "kamar ya yi yawa", ra'ayinki ne a gaban nasa. In kika ce "kilo 10 ne, 150 nake samu", lamba ce ke magana.

Wata sista da ta yi ritaya: 'Yata, nauyin bakin nan ba wauta ba ce. An raine mu a kan bin na gaba bin Allah, ba a haɗa ido da babba, ba a katse shi. Ƙari kuma, na sama da ke su ke da hannu a jadawalin aiki, da rahoton ƙarshen shekara, da canjin sashe. Shi ma a gaban ɗalibai mutuncinsa yake karewa, ba lambar da ya rubuta ba.

Inda ƙanana ke kuskure shi ne hannunka mai sanda. Su ce "Dakta, ko za a sake dubawa?", ya ce ba komai, su koma da tunanin sun sauke nauyi, alhali bai ma ji cewa akwai matsala ba. Ki yi shi hawa-hawa. Ki matso da folda, ki rage murya, ki buɗe masa ƙofar fita: "Ranka ya daɗe, nauyin da muka auna yau kilo 10 ne, ko da wani nauyin aka yi lissafi?" Sau da yawa a nan ake gamawa, ya ja layi ya gyara. In ya wuce, ki faɗa kai tsaye: "Dakta, hankalina bai kwanta ba, 500 zai iya cutar da hantarsa." In har yanzu bai tsaya ba: "Ka gafarce ni, ba zan iya bayarwa ba sai an tabbatar, zan sanar da sista." Ladabin yana nan a kowane hawa, abin da ke ƙaruwa shi ne fayyace magana. Kuma kada maganin ya shiga bakin yaro kafin a warware.

Wani ɗan'uwa: Ni dai ina ganin ki rubuta ƙorafi ga hukumar asibiti. Manyan nan sun saba raina nas.

Sista mai ritaya: Malam, ba ta ce an raina ta ba. Kuskuren alƙalami ne, kuma an gyara. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Wata malamar makarantar jinya: Abin ba a ƙasar Hausa kaɗai yake ba. A tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya a 1977 jiragen sama biyu suka yi karo a kan titin tashi, mutum 583 suka rasu. Injiniyan ɗaya daga cikinsu, jirgin kamfanin KLM, ya tambaya ko ɗaya jirgin ya bar titin, kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa e, shi kuma bai maimaita ba. Irin wannan ne ya sa ake koyar da cewa in ka yi magana sau biyu ba a saurara ba, ka kai gaba. Ki kuma rubuta a bayanan jinya: lokaci, adadin da aka rubuta, wanda kika sanar, da abin da aka yanke. Ban da kalmar zargi.

Wani ma'aikacin ofis: Abin da kika yi shi ne daidai, kullum ki bi ta hannun sista. Babba ya fi jin maganar babba.

Mai harhaɗa magunguna: Da rana haka ne. Amma a aikin dare, in sista ba ta kusa kuma lokacin magani ya yi fa? Dole ta iya buɗe baki da kanta. Batun rubutu kuma, Malama, wasu likitocin na ɗaukarsa tarko aka ɗana musu.

Malamar makarantar jinya: Shi ya sa za ta gaya masa kafin ta rubuta: "Zan sa a folda cewa mun tattauna, an mayar 150." Ko hakan zai hana shi jin haushi, wannan ya danganta da mutumin.