Saura kwana 30 fainal: ta ina zan kama?

Ƴar Aji Shida: Assalamu alaikum manyanmu. An liƙa jadawalin jarrabawar fainal ta karatun likita jiya, saura kwana 30 cif. Medisin, tiyata da kominiti wato lafiyar al'umma, ga ƙananan fostin a cikinsu: ido, kunne-hanci-maƙogwaro, ƙashi, sa barci, hoto, fata, taɓin hankali. Na zauna daren jiya na raba shafukan babban littafin medisin gida 30, sai na ga kullum sai na karanta shafi fiye da 40 na medisin kaɗai, ban taɓa tiyata ba. Na rufe littafin na yi tagumi. Waɗanda suka wuce wajen nan, don Allah yaya kuka tsara watan ƙarshe?

Baban Ilham: Wa alaikumus salam. Allah ya ba da sa'a ƙanwata. Ni dai shawarata ki fara da anatomi, ki ba shi mako guda, shi ne tushe. Wanda ya riƙe anatomi da fiziyoloji sauran duk mai sauƙi ne.

Na Bayan Aji: Yaya, fainal ta ce fa, aji shida. Anatomi tun aji uku aka binne shi.

Baban Ilham: Au, na ɗauka jarrabawar farko ce. Afuwan. Amma kada ta je gaban likitan tiyata ba ta san abin da ke ratsa matsematsi ba, ranar da aka ba ta mai gwaiwa za ta tuna da ni.

Anti Rajistara: Wannan kam gaskiyarka ce, amma aikin minti 20 ne, ba mako ba. Ƙanwata, ajiye babban littafin nan. A watan ƙarshe ba a bin littafi daga bango zuwa bango, sai dai a leƙa shi in an maƙale. Kuma ba kwana 30 gare ki ba. Cire 3 na ƙarshe, waɗanda ba za ki buɗe sabon abu a cikinsu ba. Cire wasu 2 ki bar su fayau, domin dole wata rana zazzaɓi ya kama ki, ko ki wuni kina bin malami ya sa miki hannu a littafin fostin. Saura 25. Ki ba zagaye na farko 16, na biyu 9.

Yau kada ki karanta komai. Nemo tambayoyin rubutu na shekara 5 da suka wuce na makarantarku, ki ɗauki takarda uku, kowane fanni da tasa. Duk tambayar da kika gani ki rubuta sunan cutar ko batun, in ya sake fitowa ki ja masa sanda a gefe. Lokacin da na yi nawa na samu batutuwa kusan 90, amma waɗanda suka samu sanda 3 ko fiye ba su wuce 35 ba. A medisin su ne dai waɗanda kike gani kullum a wod: gazawar zuciya, shanyewar ɓarin jiki, ciwon suga da rikicinsa na gaggawa, ciwon ƙoda, ciwon hanta mai kumbura ciki, tarin fuka, sikila, sanƙarau. A tiyata maƙoƙo, ƙullutun nono, gwaiwa, toshewar hanji, hujewar hanji ta taifot, ƙuna, toshewar fitsarin dattawa. Malamai abin da ke kwance a gadajensu suke tambaya.

Ƴar Aji Shida: Anti na gode. To 35 ɗin nan yaya zan zuba su a kwana 16?

Anti Rajistara: Ki daina ƙirga kwana, ki ƙirga zama. Zama ɗaya awa 2. Kullum zama uku: daga 11 zuwa Azahar, daga bayan La'asar zuwa Magariba, sai bayan Isha zuwa 10 da rabi. Sau 16 ya ba ki zama 48. Kowane babban batu zama ɗaya, 35 sun tafi. Ƙananan fostin bakwai da kika lissafa, kowanne zama ɗaya, sun zama 42. Shidan da suka rage ki ba lissafin kominiti da tambayoyin gaskiya-ko-ƙarya. In awa 2 ta cika ba ki gama batu ba, ki sa masa alama ki wuce. Nan ne mutane ke faɗuwa: a zauna kan ciwon ƙoda kwana uku don yana da daɗin karatu, a wayi gari saura mako ba a buɗe kominiti ba.

Kin lura ban sa komai daga 8 zuwa 10 da rabi na safe ba. Wannan na wod ne, kullum, har ranar da aka rufe muku shi.

Na Bayan Aji: Anti da girmanki, ni nan ne ban yarda ba. Awa biyu da rabi kullum a wod a watan ƙarshe? Shekara uku muna cikin wod ɗin nan. Ni na yanke shawarar kulle kaina a ɗaki, kwana 10 medisin, 10 tiyata, 5 kominiti, in leƙa wod a satin ƙarshe.

Mai Risit: Ɗan'uwa, abin da na yi bara ke nan, kuma ka ga sunan da nake amsawa. Takardar rubutu na ci ta da kyau. A babban kes aka ba ni wata baiwar Allah mai maƙoƙo. Na san rabe-raben ciwon nan kamar Fatiha. Amma na ci fiye da rabin lokacina a ɗaukar tarihi domin hannuna ya yi sanyi, na zo dubawa ina sauri. Na tsaya a gabanta ina lalubar wuya, ban zaga bayanta ba, ban ba ta ruwa ta haɗiya in ga ko kumburin yana hawa ba, ban ƙwanƙwasa saman ƙirji in ji ko ya gangara ciki ba. Mai jarrabawar da aka gayyato daga wata makaranta bai ce min komai ba, ya dai miƙo min kofin ruwan da ke kan tebur tun shigowata. A makarantarmu in ka faɗi ɓangaren duba mara lafiya ka faɗi fannin gaba ɗaya, ko nawa ka ci a takarda. Wata uku na ƙara ina kallon ƴan ajinmu suna neman gurbin hausmanshif.

Kuma tsarin 10-10-5 ɗin nan yana da wata matsala. Ranar da ka gama kominiti, rabonka da medisin kwana 15, kuma mu medisin aka fara yi.

Na Bayan Aji: Subhanallahi. Wod na ji, zan je. Amma haɗa fanni uku a rana ɗaya yana rikita min kai, gaskiya. In na shiga zuciya ina so in ƙare da ita.

Anti Rajistara: To ka haɗa biyu, kada dai wani fanni ya yi kwana 3 ba ka taɓa shi ba. Wod kuma ba yawo za ku je ba. Ku zama ku uku. Ɗaya ya ɗauki tarihi ya duba mara lafiya, ɗaya ya riƙe agogo, na uku ya zama mai jarrabawa marar fara'a. Ku nemi izinin mara lafiyar tukuna, kuma kada ku taru kan mutum ɗaya don yana da alamomi masu kyau, shi ma ya gaji. Sai a gabatar da kes ɗin da baki cikin minti 5, a tsaye, da Turancin da za a yi ranar. Gobe a canza. Sau biyu a mako ku kama wani rajistara ya saurare ku, mu ma an yi mana.

Hajiyar Kominiti: Ni kukana kan zama shidan nan ne, sun yi kaɗan. Kowa raina kominiti yake har sai an ajiye masa tebur mai gida huɗu an ce ya fitar da ƙarfin gwaji wajen kama masu cuta da ƙarfinsa wajen wanke masu lafiya, ya rasa wanne ake rabawa da wanne. Lissafi ba ya zama da karantawa. Ni minti 20 nake ba shi bayan Asuba kullum, tambaya ɗaya da biro. Jadawalin rigakafin yara kuma a bangon ɗakina yake, kusa da madubi.

Ɗan Hausmanshif: Hajiya ta yi gaskiya, kuma ba kominiti kaɗai ba. Ga gwaji, Ƴar Aji Shida: mutum mai kilo 60 ya ƙone kashi 30 na jikinsa, an kawo shi awa 2 bayan gobarar. Ruwa nawa za ki ƙara masa a awa, da lissafin Parkland?

Ƴar Aji Shida: 4 × 60 × 30 = 7200 ml a awa 24. Rabi, 3600, a awa 8 na farko. Wato 450 a awa.

Ɗan Hausmanshif: Har 3600 kin yi daidai. Amma awa 8 ɗin daga lokacin ƙunar ake ƙirga ta, ba daga isowarsa asibiti ba. Biyu sun tafi a hanya, saura 6, don haka 600 a awa. Kuma na tabbata kin karanta wannan layin fiye da sau ɗaya. Abin da zagaye na biyu yake yi ke nan. A kwana 9 ɗin nan kada ki sake karanta abin da kika karanta. Rufe littafi, ɗauki tambayar baya, rubuta ƙashin amsar cikin minti 10, sannan ki buɗe ki cike abin da kika manta da jan biro. Batu biyu a zama ɗaya. Abin da ya fito da ja kaɗai za ki duba a kwana 3 na ƙarshe. Nawa duka bai wuce takarda 12 ba.

Mai Risit: In ƙara ɗaya. Alamar cewa tsarinki ya fara karkacewa ita ce ki ga kin ci kwana biyun ajiyar nan tun kafin rana ta 10. In haka ta faru kada ki ƙara awa da dare, ki yanke batutuwa daga ƙasan jerin, masu sanda 3, ki bar masu 4 da 5. Na gwada shan shayi mai kauri in kai ƙarfe 3 na dare, washegari a wod ina tsaye ina gyangyaɗi.

Baban Ilham: Mu a zamaninmu da dare muka yi karatu kuma muka ci. Kowa da irin kansa.

Ƴar Aji Shida: Yaya ni da Isha ta yi nisa idona ya fara rufewa, don haka na tsira. Tambaya ta ƙarshe: gaskiya-ko-ƙarya da ake cire maki, in ban tabbata ba in cike ko in bari?

Na Bayan Aji: Bari kawai. Abin da ba ki sani ba kada ki taɓa.

Hajiyar Kominiti: Ya danganta da nawa ake cirewa. In maki ɗaya ake ba ki ɗaya ake cirewa, canki-cankar tambaya 20 za ki ci kamar 10 ki faɗi 10, kin tashi a tutar babu. In rabi ake cirewa, 10 ɗin da kika faɗi 5 za su ci miki, kin tsira da 5. Ni ko a na farkon, in zuciyata ta karkata sosai ina cikewa.

Anti Rajistara: Ni ban cika son a koya wa ɗalibi canki-canka ba, na ga waɗanda karkatar zuciyarsu kullum ɓata take kai su. Ki gwada kanki a ɗaya daga zama shidan nan: ki yi tambaya 100 na baya, ki sa ɗigo a kan duk wadda kika canka, ki ƙirga nawa kika ci a cikinsu. Sai dai nawa ake cirewa a makarantarku bana?

Ƴar Aji Shida: Wasu sun ce rabi, wasu sun ce ɗaya. Zan tambayi wakilin ajinmu gobe. Na samo tambayoyin medisin da tiyata na shekara 5, na kominiti 3 kawai na samu. Na Bayan Aji, mun zama biyu a wod ɗin maza ƙarfe 8, muna neman na uku mai agogo.

Mai Risit: Ga ni. Zan zo da kofin ruwa.