Rubutun kwalin sabuluna: in buga shi haka ko in gyara?

Mai Sabulu, Agege:
Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan ina haɗa sabulun salo da man kaɗanya da zuma da kurkur, ina sayarwa ga matan unguwa ba tare da wata takarda a jiki ba. Yanzu na yi shawarar buga takardar liƙawa guda dubu biyu a Shomolu, unguwar masu ɗab'i a Legas, kuma yaron da ya tsara mini ita ya rubuta cewa sabulun "yana warkar da kuraje da ƙyasbi da nankarwa cikin kwana 7, babu sinadari a ciki, ba shi da illa ko kaɗan". Raina bai kwanta da maganar ba, domin ban taɓa ganin wadda nankarwarta ta tafi ba, amma ya ce in ba a rubuta haka ba babu mai saye. Ranar Litinin zan biya kuɗin bugu. Waɗanda suka taɓa bin wannan hanya, me kuka rubuta a naku?

Alhajin Mile 12:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ki nemi lambar NAFDAC kawai. Idan lamba tana jikin kaya, duk abin da kika rubuta hukuma ce ta tsaya miki. Ni wani wakili ya gama mini komai a kan naira dubu ɗari da hamsin.

Maman Tagwaye, Idi-Araba:
Alhaji, ni fiye da ninki biyu na wannan na kashe, kuma wata takwas ina jira. Amma ku bar ni in ba ku labarin abin da ya same ni. Bara na sayi wani man shafawa da aka rubuta a jikinsa cewa na gargajiya ne zalla, yana sa haske cikin mako guda. Gaskiya ya yi aiki, har ana tambayata sirrin. A wata na uku fatar cinyoyina ta yi siriri har ina ganin jijiyoyi kore-kore, jar nankarwa mai faɗi ta fito mini a hannuwa, gaɓoɓin yatsuna kuma suka yi baƙi ƙirin. Da na daina shafawa sai fuskata ta ɗauki zafi da ƙaiƙayi, kuraje suka feso. Likitar fata ta ce alamu ne na sitiroyid, irin man bututu da ake matsewa a kwaɓa cikin haɗi. Na koma wurin mai sayarwa, sai ta ce jikina ne bai karɓa ba. Har yau da dogon hannu nake zuwa biki.

Ɗan Obalende:
Allah Ya ba ki lafiya, Maman Tagwaye. Hajiya Mai Sabulu kuma, tunda kwana bakwai ne, a taimaka a aiko mini da guda ɗaya in gwada a sanƙona kafin Sallah.

Mai Kantin Magani, Agege:
Alhaji, da girmamawa, maganarka rabinta ce daidai. Rajistar kaya daban take da izinin talla. NAFDAC tana duba kalmomin talla kafin a fitar da su, sannan akwai ARCON, hukumar kula da talla wadda dokar 2022 ta kafa a madadin tsohuwar hukumar APCON, ita ma tana tantance talla har da na kafafen sada zumunta. Ko magungunan gargajiya masu lambar da ta ƙare da harafin L, lambar tana nuna cewa an duba rashin cutarwarsu ne, shi ya sa ake rubuta a jikinsu cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba.

Hajiya, bari mu bi jimlar taki kalma kalma. "Warkarwa" ita ce babbar matsala, domin aikin sabulu wanke fata ne, kuma da zarar kin ce yana warkar da cuta kin fitar da shi daga sahun kayan kwalliya kin shigar da shi sahun magani, wanda sai an kawo hujjar gwaji. Ƙyasbin da muka sani, mai fararen tabo a wuya da ƙirji, ƙwayar cuta ce irin ta fumfuna, tana da maganinta, kuma ko bayan ta mutu launin fata yakan ɗauki makonni ko watanni kafin ya daidaita. Nankarwa kuwa tabo ce a can cikin fata, abin da aka shafa aka ɗauraye cikin minti biyu ba ya isa wurin. "Babu sinadari" ma ba gaskiya ba ne, domin sai mai ya haɗu da ruwan toka sabulu yake samuwa, kuma wannan kaifin ne yake sa sabulun salo ya busar da fatar wasu ko ya yi musu raɗaɗi. Wannan shi ya rushe "ba shi da illa".

Da ni ce, ga abin da zan buga: "Sabulun wanka na salo da man kaɗanya da zuma da kurkur. Yana wanke datti da maiƙon fata. A fara gwadawa a ɗan wuri a hannu, idan an ji ƙaiƙayi ko zafi a daina." Sai ki ƙara nauyinsa, da ranar haɗawa, da adireshinki.

Alhajin Mile 12:
To, Malama, ke albashi kike ɗauka ko an saya ko ba a saya ba. Mu da muke kasuwa mun san cewa idan maƙwabcinka ya ce kwana bakwai, kai kuma ka ce "yana wanke datti", kayanka za su kwana. Ai sai a rubuta "yana taimakawa wajen magance ƙyasbi", shi ke nan an kauce wa doka.

Mai Kantin Magani, Agege:
Kantin nawa ne, Alhaji, ni ma haya nake biya. "Yana taimakawa" ba ta wanke kowa ba matuƙar mai karatu zai fahimci cewa magani aka sayar masa. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne: idan mai saye ta dawo bayan mako guda ta nuna mini wuyanta, zan iya kallon idonta in maimaita abin da na rubuta?

Mai Sabulu, Agege:
Na gode ƙwarai. Amma akwai mata wajen goma da suka ce kurajensu sun ragu, kuma da bakinsu suka faɗa. Zan iya sa maganarsu?

Mai Kantin Magani, Agege:
Duk shaidar da kika ɗora a talla ta zama maganarki, ko da wata ce ta furta. Kuma ba ki san adadin waɗanda ba su ga canji ba suka yi shiru.

Maman Tagwaye, Idi-Araba:
Shaidun nan su suka cuce ni. Hoton "kafin" a ɗaki mai duhu aka ɗauke shi, na "bayan" kuma a bakin taga da hoda. Ƙanwata ma ta tsinci hoton bikinta a shafin wata mai sayar da man haske da ba ta taɓa sani ba, an rubuta a ƙasa cewa wata biyu ta yi tana shafawa. Mun yi magana, matar ta toshe mu.

Ɗan Obalende:
Wannan wace hukuma ake kai wa? Domin matar yayana ma an yi mata haka da hoton suna.

Alhajin Mile 12:
Kafin a je hukuma, Hajiya, nawa suka ce miki a Shomolu? Ni dubu ashirin na biya a kan guda dubu, in sun haura haka akwai wani a Mushin.