An rubuta Done amma ruwa bai hau tanki ba, don Allah ku ba ni shawara

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aiki a wani ƙaramin kamfanin sola da famfon burtsatse nan cikin Sakkwato. Mai kamfanin, Alhaji, yayan mijina ne, shi ya ce in zo in riƙe ofis bayan na gama bautar ƙasa, ba don na rasa abin yi ba. Da na zo komai a baki ake yi, sai na buɗe jadawali a Google Sheets, kowane aiki da layinsa, a ƙarshe a zaɓi Open, In progress, Blocked ko Done. Satin da ya wuce yaronmu ya sa Done a aikin wata makaranta a Bodinga, Alhaji ya gani ya aika a biya mu cikon kuɗi, ashe ruwa bai hau tanki ba. A gaban kowa aka yi mini faɗa. Yanzu ayyuka 17 ke In progress alhali ma'aikata huɗu gare mu, Blocked kuwa ba wanda ya taɓa sawa. Me kalmomin nan ya kamata su nufa tsakani da Allah? Ko in goge abin in huta?

Baban Sadik: Wa alaikumus salam. Ki kori yaron nan kawai, ƙarya ya yi.

Maman Hanifa: Ba ni da ikon korar kowa. Kuma ya ce shi an tura shi ya sa famfo ya haɗa da faranti, ya sa, ya ji yana juyawa.

Injiniya: To Hajiya, yaron bai yi ƙarya ba. Mi kinka rubuta a layin? In "sa famfo a Bodinga" kinka rubuta, ya gama nashi. Alhaji kuma ya karanta "makaranta ta samu ruwa". Kalma guda, mutum biyu, kowa da abin da ya fahimta. Done ba ta da ma'ana sai an rubuta sharaɗinta tun kafin a tashi mota. A aiki irin wanga ni ga abin da nike nema: ruwa ya hau har tanki ya cika da rana tsaka, an bi bututu babu yoyo, an buɗe kowane kan famfo ya zubo, an ɗauki bidiyo, shugaban makaranta ya sa hannu a takarda. In guda ya rage, ba a gama ba. Famfo na iya juyawa ruwa bai hau ba: ko ƙarfinsa bai kai zurfin rijiya haɗe da tsawon hasumiyar tanki ba, ko ruwan rijiyar ya ja baya, ko akwai inda bututu ya saki. Jin ƙara ba shaida ba ce. Kuma wanda ya yi aikin ba shi zai sa Done ba. Shi ya turo shaida, ke ki duba ki sa.

Maman Hanifa: Injiniya ni fa ba zan iya bin kowa ƙauye ba, ga goyo. Jadawalin ma ai don in rage kiran waya na yi shi.

Injiniya: Ban ce ki tai ba. Bidiyo da hoton takarda ta WhatsApp sun isa. Sai 17 ɗin nan. Mutum huɗu ba su riƙe aiki 17 lokaci guda, ko aljannu ne. In progress na nufin akwai mutum guda da sunansa a layin, kuma hannunsa na kan aikin satin nan. Ki ƙara gurbin ranar da aka taɓa aikin ƙarshe. Gobe ki bi su ɗaya ɗaya ki tambayi mai shi: yaushe ka taɓa wanga, kuma mi za ka yi na gaba? Wanda ba a soma ba, an dai yi alkawari, ya koma Open. Wanda ake jiran wani ya koma Blocked. Ki ga in takwas za su rage. Daga nan kowa biyu, ba ya ɗaukar na uku sai ya sauke ɗaya.

Ummu Khalil: Wallahi kamar wurinmu. Ni a wata ƙungiya nake, takardar kuɗin tafiyata In progress take tun kafin azumi. Duk na je sai a ce ana kai. Har layya ta wuce. Masu lissafin nan sai dai Allah ya isa.

Ɗan Mabera: Ni ina ganin matakan ne suka yi kaɗan. Ki ƙara Waiting, On hold, Testing, Almost done, ki kuma sa kashi nawa cikin ɗari aka yi. Mu haka muke yi, kowa ya san inda aka tsaya.

Injiniya: Kashi cikin ɗari shi ne babbar mafakar maƙaryata. Aiki ya kai 90 cikin kwana biyu ya kwana wata uku a nan. Almost done kuwa In progress ce ta sa babbar riga.

Ɗan Mabera: Amma Testing fa? Kai da bakinka ka ce wani ya duba kafin a sa Done. Tsakanin yaro ya sauko da Hajiya ta ga bidiyo, aikin ina yake zaune?

Injiniya: Wannan guda na yarda. Sauran a'a.

Malama Rabi: Ba wanda ya taɓa maganar Blocked, kuma a nan matsalarki take, ƙanwata. Kin tambayi kanki me ya sa ba a sawa? Domin Blocked na gaskiya sai ta faɗi abin da ake jira, wajen wa, tun yaushe, da ranar da za a sake tuntuɓa. Misali: jiran kuɗin batir daga Alhaji tun Litinin, a tuna masa Alhamis. Wane yaro ne zai rubuta sunan mai gidansa a matsayin wanda ya tsayar da aiki? Gara ya bar shi In progress a zage shi da jinkiri. Na tabbata rabin 17 ɗin nan kuɗi ko amincewar Alhaji suke jira. Kuma ki kula, wuyar aiki ba Blocked ba ce, rashin lokaci ma ba ita ba ce. Sai in mai aikin ba shi da abin da zai iya yi da kansa, kamar kaya ba su iso daga Kano ba ko ruwan sama ya yanke hanyar garin. Wani abu kuma, aikin da mai shi ya fasa kada a rufe shi da Done don layi ya yi kyau, a ba shi Cancelled.

Maman Hanifa: Anti Rabi, Alhaji ba ya hana kuɗi, tafiye-tafiye ne suka yi masa yawa. Kuma surukina ne, ba zan buɗe gurbin da za a riƙa rubuta sunansa yana gani ba. Ina laifin a sa "jiran ofis"?

Malama Rabi: Ofis ai ke ce. Kin ga kin sake ɗaukar laifin da ba naki ba.

Injiniya: Sunan mutum ko ba komi. Blocked da ba suna ba ta motsi.

Baban Sadik: Ni dai har yanzu na ce yaron nan ya san ruwa bai hau ba. Ido gare shi.

Ɗan Mabera: Hajiya ku koma Trello, a ja kati kawai, yara sun fi gane shi.

Maman Hanifa: Na gode duka. Jadawalin dai ba shi da laifi, na sha wahala kafin su yarda su riƙa buɗe shi, ba zan sauya ba. Zan gwada maganar bidiyo. To na Bodinga fa, in mayar da shi In progress ne, ko in buɗe sabon layi na gyara? Alhaji ya riga ya ga Done.

Injiniya: Ki maido shi, ba a taɓa gama shi ba.

Ɗan Mabera: Sabon layi, tunda an riga an nemi kuɗi a kan wancan.

Ummu Khalil: Don Allah nawa kuke sa sola ta gida, ɗaki biyu da firji?