Kar a taƙaita lamba sau biyu

Wata shawara da masu duba rubutun bincike ke bayarwa ita ce a taƙaita lamba sau ɗaya tak, daga asalin lissafi. A ce matsakaicin ya fito 12.449. Tebur ya nuna 12.45, sai marubuci ya kalli teburin ya sa 12.5 a tsakure, alhali 12.4 ne daidai. Abin na damuna, don mai karatu da ya ga 12.4 a jikin zane sai ya fara shakkar aikin baki ɗaya.

Wata malama ta ƙara da cewa in manhajar ƙididdiga ta nuna ƙimar yiwuwa, wato p, a matsayin p = 0.000, a rubuta p < 0.001. In kaso ya taru ya ba da 99.9 maimakon 100, kar a taɓa shi, a bayyana dalili a ƙasan tebur.