Wai ɗan tsuntsu ne ya hana mu tashi, ku ji rainin hankali

Baban Ummi: Jama'a ku taya ni ji. Jiya awa bakwai muna zaune a filin jirgi, jirgin da zai kwashe mu ya sauko lafiya lau a gaban idonmu, can sai ga sanarwa wai an samu matsala tsuntsu ya shiga inji. Ɗan tsuntsu fa! Ƙarfen da ke ɗaukar mutum sama da ɗari da kayansu wai ɗan tsuntsu ya kayar da shi. Ni dai na ce fasinja ne ba su cika ba suke neman haɗa mu da na dare, ɗaurin auren da zan je har an watse.

Ɗan Kwari: Wallahi ƙarya ce Alhaji, haka suka taɓa yi min, in ma gaskiya ne ina gawar tsuntsun? Su nuna mana.

Injiniya: Alhaji sannu da haƙuri, amma kalmar "ɗan" ɗin nan ita ta ruɗe ka. Wanda ya fi damun filayenmu ba gwara ba ce, irin su shirwa ne da balbela, kuma shirwa babba ta kusa kilo 1. Ba nauyinta kaɗai ake dubawa ba, gudun jirgin ne abin. Lokacin tashi ko sauka jirgi yana wajen kilomita 270 a awa, wato mita 75 a daƙiƙa ɗaya. In ka lissafa, dukan da tsuntsu mai kilo 1 zai yi a wannan gudun daidai yake da a sako buhun siminti mai kilo 50 daga tsayin kusan mita 6. To ka ɗauka buhun nan bai faɗi a ƙasa ba, ya faɗa kan fankar da ke juyawa wajen sau 5,000 a minti.

Ɗan Kwari: Shirwa kuma? Injiniya shaho dai kake nufi, shirwa ai ba ta zuwa inda ƙara take.

Maman Khalil: Shirwar da ke sure nama a hannun yaro tsakiyar kasuwa ita ce ke tsoron ƙara? Kai dai ka faɗi wani abu.

Ɗan Kwari: Hajiya wancan shaho ne, ku a Zariya komai ya tashi sama shirwa ne.

Maman Khalil: Shirwa wutsiyarta a rabe take kamar an yanka da almakashi kuma a garke suke shawagi kan mayanka, shaho shi kaɗai yake farauta. Bakano da bai san komai ba sai awon yadi zai koya min tsuntsu.

Na Gidan Gona: Ni shirwa ta gama min da 'yan tsaki goma sha ɗaya bana, in akwai maganin da filin jirgi ke sa musu don Allah a taimaka min da sunansa.

Malam Tela: Ni abin da ban gane ba, me zai hana a sa wa bakin injin raga kawai a huta? Kuma ai na ji ana gwada injin da kaji, ana harba masa kaza ya niƙe ta ya ci gaba da aiki, to in ya ci jarrabawar kaza me shirwa za ta yi masa.

Injiniya: Malam rabin maganarka daidai ne. Ana harba matattun tsuntsaye cikin inji yana aiki kafin a amince da shi. Amma jarrabawar babban tsuntsu, daga kilo 1.8 zuwa wajen 3.6 gwargwadon faɗin bakin injin, ba a ce sai ya ci gaba da aiki ba. Sharaɗin shi ne kar ya kama wuta, kar ɓaraguzai su fasa jikinsa su fito, kuma matuƙi ya iya kashe shi lafiya. Raga kuwa, wadda za ta tare wancan buhun simintin sai ta yi kaurin da za ta shaƙe injin ta hana shi iska, in kuma ta karye to ƙarfe ne zai shiga ciki ba nama ba.

Abin da ke faruwa a ciki shi ne, mafi yawan iskar da fanka ta ja ta gefe take bi ta fice, in tsuntsun ya bi nan sau da yawa ɓarnar ba ta wuce lanƙwasa fiffiken fanka ɗaya ko biyu, amma ko wannan ya isa, tunda fankar ta daina daidaito sai injin ya kama kakkarwa kamar fankar silin da aka lanƙwasa wa hannu ɗaya. In kuma ya bi ta tsakiya, nan ne ƙananan fukafukan da ke matse iska suke jere sahu sahu, ɗaya ya ɓalle ya tafi da na bayansa, iska ta rikice ta dawo baya, shi ne za a ji ƙara kamar harbi har a ga wuta. Wani lokacin fasinja ma suna jin ƙaurin nama, saboda iskar cikin jirgi daga injin ake ɗebo ta. Shi ya sa ko jini da gashi kawai aka gani a bakin inji ba a tashi, sai an duba in ya bi tsakiya a zura wata siririyar kyamara a leƙa sahu sahu, in kuma mai kyamarar yana wani gari sai an jira shi. Ga awa bakwai ɗinka nan Alhaji.

Ɗan Kwari: Kai dai ka kare su, an san inda albashinka ke fitowa.

Injiniya: Ɗan'uwa ni ba kamfanin jirgi nake wa aiki ba. A Janairun 2009 jirgin US Airways ya tashi daga LaGuardia a New York, ya ci karo da garken dinya, injinansa biyu duka suka mutu, matuƙin ya sauke shi a kogin Hudson, mutum 155 duk suka tsira. Su ma fasinja ne ba su cika ba?

Maman Khalil: To su masu filin me suke yi, ba wani da bindiga ya kamata a ajiye ba?

Injiniya: Ana kora Hajiya, akwai motar sintiri, akwai bindigar gas mai ƙara, akwai lasifika mai kukan tsuntsu da aka kama, wasu ƙasashen har karnuka da shaho suke kiwo. Sai dai tsuntsu yana sabawa, in ƙarar daga wuri ɗaya take fitowa kullum, bayan 'yan kwanaki a kan bindigar ma zai sauka. Aikin gaske shi ne a raba shi da abinci. A cike kududdufai, a daina ƙona ciyawa don shirwa hayaƙi take bi tana cafke fara, in za a yi yankan ciyawa a yi da dare ko lokacin da jirage suka yi sauƙi tunda balbela bayan injin yanka take bi. Dokar duniya ma ta ce a sa ido kan bola da mayanka har kilomita 13 kewaye da fili, kuma nan ne ƙarfin masu fili yake ƙarewa don ƙasar ba tasu ba ce. Farkon damina in shinge ya fito kuwa sai dai addu'a da yawan sintiri.

Malam Tela: Ciyawar ai a aske ta ƙwal kowa ya huta.

Injiniya: A Ingila barinta suke ta kai santimita 15 zuwa 20 don tsuntsun da ke kiwo a ƙasa ba ya son inda ba ya hango maƙiyi. A nan kuma doguwar ciyawa fara da ɓera take tarawa, su kuma su jawo shirwa, har yanzu masu aikin ma ba su daidaita a kan tsayi ɗaya ba.

Ɗan Kwari: To a taƙaice dai an tabbatar da maganata, laifin bola ne da rashin kula, kuma har yanzu ba wanda ya nuna gawar tsuntsun, kuma shi kansa Injiniya ya ambaci shaho da bakinsa.

Maman Khalil: Shahon da ya ce ana kiwo don kora? Allah ya shirye ka.

Baban Ummi: Ni fa kuɗin tikitina nake tambaya tun ɗazu.

Na Gidan Gona: Injiniya ita bindigar gas ɗin nawa take?